Kafin Ƙiftawar Ido: Na'urori Biyu da Ke Gadin Tankin Taransifoma

Idan aka ce taransifoma ta fashe, yawancin mutane gani suke man da ke cikinta ne ya yi zafi har ya kama wuta ya tarwatsa ƙarfen. Ba haka abin yake faruwa ba. A cikin tankin da yake rufe ruf babu iskar da wuta za ta ci, don haka mai ba ya kamawa a ciki komai zafinsa. Tankin ne yake fara yagewa saboda matsin da ya taru a cikinsa, sannan mai da gas masu zafi su fito su haɗu da iskar waje, sai gobara ta tashi. Ke nan fashewa ce take haifar da gobara, ba gobara ce take haifar da fashewa ba. Wanda ya hana tanki yagewa ya hana gobarar.

A kan manyan taransifomomi, irin waɗanda ake gani a tashoshin rarraba wuta kamar ta Kumbotso a Kano ko ta Mando a Kaduna, ana ɗaura na'urori da aikinsu shi ne lura da wannan matsi. Biyu daga cikinsu ake yawan rikitawa. Ɗaya rile ne da ke jin tashin matsi na farat ɗaya, wanda a zanen injiniyoyi ake rubuta shi SPR ko a ba shi lamba 63. Ɗayan kuma bawul ne da ke buɗewa ya saki matsi, ana rubuta shi PRD. Sunayensu sun yi kama, amma aikinsu ya sha bamban, kuma kowanne yana da iyakar da ba ya iya ƙetarewa.

Abin da ke cikin tankin

Mu ɗauki taransifoma mai ƙarfin MVA 60, wadda take karɓar wuta a kilobolt 132 ta sauke ta zuwa kilobolt 33. Irinta tana da yawa a tashoshin ƙasar nan. A cikinta akwai zuciyar ƙarfe, an naɗe ta da wayoyin jan ƙarfe, kowace waya an lulluɓe ta da takarda ta musamman. Duka wannan yana nutse cikin mai, mu ce lita 25,000. Man yana aiki biyu: yana kwashe zafi ya kai wa radiyetoci, yana kuma hana wuta tsallakawa daga waya zuwa waya ko daga waya zuwa jikin tanki.

Mai yana kumbura idan ya yi zafi. Idan zafinsa ya tashi daga digiri 30 da asuba zuwa digiri 70 da rana tsaka a watan Afrilu, lita 25,000 za ta ƙaru da kimanin lita 750. Wannan ba matsala ba ce, domin an tanadar masa wurin zuwa. A yawancin taransifomomin da muke da su akwai ƙaramin tanki a sama, ana ce masa kwanzabeta, wanda bututu ya haɗa shi da babban tankin. Man da ya ƙaru yakan hau can a hankali, da dare kuma ya sauko. Wasu taransifomomin, musamman ƙirar Amurka, ba su da tankin sama. A maimakonsa ana barin fili a saman man a cika shi da iskar naitirojin, ita ce take matsewa idan man ya kumbura. A riƙe wannan adadi na lita 750 a cikin sa'o'i masu yawa, domin za a gwada shi da wani adadi nan gaba.

Shi kuwa tankin, duk da kaurin ƙarfensa, ba ya jure matsi mai yawa. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska kimanin PSI 32 a gejin mai faci. Babban tankin taransifoma kuwa ana saita bawul ɗinsa ya buɗe a wajajen PSI 10 kacal. Dalili shi ne faɗin bango. Matsin PSI 10 daidai yake da nauyin kusan tan 7 a kan kowace murabba'in mita. Bangon da yake da tsawon mita 6 da tsayin mita 3 yana ɗauke da nauyin da ya haura tan 120 ke nan. Ga shi kuma bango ne shimfiɗaɗɗe mai kusurwoyi, ba kewayayye ba kamar tukunyar gas, don haka wahalar takan taru a kan walda da bakin murfi.

Idan wuta ta tsallaka a cikin mai

Takardar da ke jikin wayoyi tana tsufa. Zafi yana busar da ita har ta riƙa karyewa, danshi yana rage mata ƙarfi, tsawa da ta sauka a kan layi tana iya huda ta, kowane gajeren haɗi da ya faru a waje kuma yana girgiza wayoyin su gogi juna. Wata rana sai wuta ta sami hanya ta tsallaka. Tartsatsin da ke tashi irin na walda ne sak, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a cikin mai yake ci.

Zafin wannan tartsatsi ya kai dubban digiri. Man da ke kewaye da shi ba tafasa kawai yake yi ba, rugujewa yake yi ya koma gas. Mafi yawansa haidirojin ne, sai asitilin, wato gas ɗin nan da masu gyaran jikin mota suke samu daga kabayid su yi walda da shi. Gas ɗin yana taruwa ya zama kumfa guda a tsakiyar man, yana neman wuri.

A nan matsalar take. Mai ba ya matsuwa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan kumfar gas ta buɗe a tsakiyarsa, dole ya ture wani abu. Turin farko yana tafiya cikin man da gudun sauti, wanda a cikin mai ya kai wajen mita 1,400 a sakan guda, don haka yana isa kowane bango cikin milisakan kaɗan. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Daga nan, muddin tartsatsin yana ci, gas yana ƙaruwa, matsi yana hawa a ko'ina cikin tankin, bango yana kumbura.

Yawan gas ɗin ya dogara ne da ƙarfin da tartsatsin ya zuba a cikin man, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: bolt ɗin da ke tsakanin bakin tartsatsin biyu, sau amfiyar da ke bi ta cikinsa, sau tsawon lokacin da ya yi yana ci. Na farko da na biyu ba a hannun kowa suke ba a lokacin da abin ya faru. Tsawon tartsatsin da ƙarfin layin ne suke yanke su. Abu ɗaya tak da ɗan Adam yake da iko a kansa shi ne na ukun, wato lokaci.

Rilen da ke lura da sauri, ba yawa ba

Rilen matsin farat ɗaya bai damu da ko matsin tanki yana da yawa ko kaɗan ba. Abin da yake aunawa shi ne saurin hawansa. Dabarar kuwa wani ɗan ƙaramin rami ce.

A irin wanda ake ɗaurawa a saman tanki mai naitirojin, rilen akwati ne rufaffe. Tsakanin cikinsa da cikin tanki akwai wata 'yar jakar ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke miƙewa tana takurewa, a gefenta kuma akwai ɗan ramin da iska ke ratsawa. Duk wanda ya taɓa ɗura man gyaɗa a kwalba da mazurari ya san yadda abin yake: in ka zuba a hankali, man yana wucewa mazurarin bai cika ba, in ka juye gaba ɗaya, wuyan ba zai iya haɗiyewa ba, sai ya taru a sama. Haka nan, idan matsin tanki yana hawa a hankali saboda zafin rana ko nauyin aiki, iska tana bi ta ramin, matsin ciki da na waje su daidaita, jakar ba ta motsi. Idan kuwa matsin ya yi tsalle, ramin ba ya iya wucewa da shi a kan lokaci, sai jakar ta miƙe ta danna wani ɗan makunni.

Akwai kuma irin wanda ake ɗaurawa a gefen tanki, ƙasa da saman mai, wanda yake aiki ko da taransifomar mai kwanzabeta ce. Shi man taransifoma yana tura jaka ta farko, ita kuma ta tura wani man silikon da ke rufe a cikin rilen zuwa wasu ƙananan jakunkuna biyu. Ɗaya hanyarta a buɗe take, ɗaya kuma sai man ya bi ta ɗan rami. A kansu akwai sanda kamar ta sikeli. Matsi mai hawa a hankali yana ɗaga su tare, sandar ba ta karkata. Matsi na farat ɗaya yana ɗaga ɗaya kafin ɗaya, sandar ta karkata ta danna makunnin.

Rilen kansa ba ya rage matsi ko kaɗan. Saƙo kawai yake aikawa. Da yake makunninsa na ɗan lokaci ne yake dannuwa ya saki, akwai wani rile a bayansa da ke kama saƙon ya riƙe. Daga nan saƙon ya je ga rilen kullewa mai lamba 86, shi kuma ya umarci burekokin ɓangaren 132 da na 33 su buɗe, ya kuma hana a mayar da su har sai mutum ya zo ya sake shi da hannu. Idan aka yanke wutar, tartsatsin ya mutu, gas ya daina fita.

A tashoshinmu, inda yawancin taransifomomi masu kwanzabeta ne, an fi sanin rilen Buchholz, wanda Bajamushe Max Buchholz ya ƙirƙira a 1921. Shi yana zaune ne a kan bututun da ke hawa tankin sama. Yana tara ƙananan kumfar gas ya buga ƙararrawa, idan kuma mai ya taso da gudu ta bututun sai ya yanke wuta. Bambancin shi ne Buchholz yana jiran man ya motsa ya iso wurinsa, rilen matsi kuwa turin da ke tafiya cikin man yake ji. Shi ya sa a wasu manyan taransifomomi ake haɗa su duka biyun.

Bawul ɗin da ke kan murfi

Bawul ɗin sakin matsi ba ya buƙatar waya ko batir kafin ya yi aikinsa. Faifan ƙarfe ne a kan rami mai faɗin kimanin santimita 15 a murfin tanki, sifirin masu ƙarfi suna danne shi. A ƙarƙashin faifan akwai zoben roba guda biyu, na ciki ƙarami, na waje babba. A kullum matsin tanki yana tura filin da ke cikin ƙaramin zoben ne kawai. Da zarar matsin ya kai inda aka saita, faifan ya ɗan ɗaga, mai ya kutsa zuwa babban zoben. Yanzu matsin yana tura fili mafi faɗi, ƙarfin turin ya ninka nan take, sai faifan ya buɗe gaba ɗaya cikin kimanin milisakan 2. Idan matsi ya sauka, sifirin su mayar da shi ya rufe, kada danshi da ƙura su shiga.

Idan ya buɗe, yakan turo wani ɗan tsinke mai launi sama, kuma tsinken ba ya komawa sai an danna shi da hannu. A wasu ana ƙara dogon hannu mai ruwan ɗorawa da ke miƙewa tsaye don a hango shi daga ƙasa. Akwai kuma makunni da ke aika saƙo ɗakin kula. Tsofaffin taransifomomi ba su da wannan bawul. Abin da suke da shi dogon bututu ne mai lanƙwasasshen kai, an toshe bakinsa da siririn faifai da ke fashewa idan matsi ya yi yawa. Aibinsa shi ne idan ya fashe ya fashe ke nan, tankin yana nan a buɗe har a zo a sauya.

Taransifoma ɗaya, tartsatsi iri biyu

Mu koma kan taransifomarmu mai MVA 60, mu ɗora mata lalura iri biyu. Lambobin na misali ne, amma suna cikin abin da ake gani a irin wannan aiki. Ma'aunin da injiniyoyi suke amfani da shi shi ne kowane kilojul ɗaya na ƙarfin tartsatsi yana fitar da gas kimanin kashi 85 cikin dubu na lita idan gas ɗin ya huce. A lokacin da yake da zafinsa kuwa, yana neman wurin da ya ninka haka kusan sau bakwai.

Lalura ta farko ƙarama ce. Takarda ta huje tsakanin zagaye biyu na waya da ke maƙwabtaka da juna. A cikin wannan zagaye guda da ya haɗe, wuta mai yawa tana kewayawa, mu ce amfiya 5,000, tartsatsin kuma gajere ne, bolt 100. Amma daga waje kusan ba a ganin komai. Zagaye ɗaya ne cikin ɗaruruwa, don haka wutar da taransifomar take ja daga layin 132, wadda a cikakken aiki amfiya 262 ce, ɗan abu kaɗan take ƙaruwa. Rilen da ke gwada wutar da ta shiga da wadda ta fita, mai lamba 87T, yana iya kasa ganin bambancin, domin an saita shi ya yi haƙuri da ƙananan bambance-bambance. A nan rilen matsi yake nuna amfaninsa. Tartsatsin yana zuba kilojul 500 a kowane sakan, gas yana fita da saurin da zafin rana ba zai taɓa kawowa ba. Mu ce rilen ya ji cikin milisakan 60, rilen kullewa da bureka suka ci wasu 70. Jimla milisakan 130, ƙarfin da ya zuba kilojul 65, gas ɗin da ya rage bayan ya huce bai kai lita 6 ba. Mai yiwuwa bawul ɗin murfi ko motsi bai yi ba. An yi asarar naɗin waya guda, amma tanki da zuciyar ƙarfe da sauran naɗin suna nan, ana iya gyarawa. Da an bar shi, tartsatsin zai ci zagaye na gaba da na gaba har ya zama babba.

Lalura ta biyu babba ce. A ƙarƙashin bushin na ɓangaren 132, wato dogon tangaran ɗin da wuta ke shiga tanki ta cikinsa, wuta ta tsallaka daga waya zuwa jikin tanki. Tsawon tartsatsin ya kai kamu guda da ɗoriya, bolt ɗinsa 2,000, layin kuma yana zuba masa amfiya 10,000. Wannan kowane rile yana ganinsa. Rilen 87T da rilen matsi duka suna amsawa cikin zagayen wuta ɗaya ko biyu, kuma a wutarmu mai zagaye 50 a sakan, kowane zagaye milisakan 20 ne. Bureka tana buƙatar zagaye biyu zuwa uku ta raba bakinta ta kashe wutar. Mu ce komai ya tafi daidai, an gama cikin milisakan 80.

Lissafi: 2,000 sau 10,000 sau 0.08 ya ba da kilojul 1,600. Gas mai zafin da wannan ya haifar yana neman wurin da ya kai lita 900. Ga inda adadin farko ya dawo. Lita 750 da zafin rana ya kawo ta sami sa'o'i tana hawa bututu. Wannan lita 900 kuwa ta zo ne cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Bututun kwanzabeta faɗinsa santimita 8 ne kawai, ga nauyin man da ke cikinsa da sai an tura shi tukuna, don haka a wannan ɗan lokaci kamar a toshe yake.

To bawul fa? Ya buɗe cikin milisakan kaɗan, ya yi abin da aka ƙera shi ya yi. Amma kumfar gas tana can inda tartsatsin yake, abin da ke bakin bawul mai ne, kuma mai yana da nauyi. Ko da matsin tanki ya kai PSI 30, man da zai fita ta ramin santimita 15 gudunsa bai wuce mita 21 ko 22 a sakan ba. Cikin milisakan 80, abin da zai fita kimanin lita 30 ne. Lita 30 a gaban lita 900. Sauran dole gas ɗin ya matse, bango kuma ya kumbura ya ba shi wuri. Tanki mai kyau yana iya shanye wannan, ya fito da kumburarren gefe da mai yana tsiyaya ta bakin murfi.

Yanzu a sauya abu ɗaya kawai. A ce batirin tashar ya yi sanyi, ko burekar ta daɗe ba a duba ta ba ta maƙale, sai da kariyar baya da ke wata tashar ta yanke wutar bayan rabin sakan. Bolt bai sauya ba, amfiya ba ta sauya ba, amma ƙarfin da ya zuba ya zama kilojul 10,000, ya ninka sau shida da ɗoriya. Da wuya tankin wannan girma ya jure haka. Walda za ta yage ko bushin ya yi sama, mai da ke iya kamawa tun daga zafin digiri 140 ya watsu tare da haidirojin da asitilin, gobara ta tashi.

Wannan shi ne abin da ya kamata a fahimta. Bawul ɗin sakin matsi yana tsare tanki daga matsin da ke hawa a hankali ko tsaka-tsaki: an cika mai fiye da kima, an manta bawul ɗin bututun kwanzabeta a rufe bayan gyara, hanyar numfashin tanki ta toshe, ko ƙaramin tartsatsi ya daɗe yana ci. Yana kuma sauke ragowar matsi bayan an yanke wuta. Amma babban tartsatsi ya fi ƙarfinsa. Saboda haka ne kamfanonin da ke da manyan layuka, irin su Hydro-Québec na Kanada mai layin kilobolt 735, suka koma neman a ƙera tankin da zai lanƙwashe ya shanye ƙayyadadden ƙarfin tartsatsi, idan kuma zai yage, ya yage ta sama wajen murfi inda man da zai zuba kaɗan ne. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da jagora a kan wannan batu a 2016, mai lamba C57.156.

Inda na'urorin suke ruɗin mutane

Babban aibin rilen matsi shi ne yakan yanke wuta alhali cikin tanki lafiya lau. Idan gajeren haɗi ya faru a waje, misali bishiya ta faɗa kan layin 33 kusa da tasha, wuta mai yawa tana ratsa taransifomar. Ƙarfin da ke fizgar wayoyinta yana ninkuwa ne da ninkin wutar: idan wuta ta ninka sau 8, fizgar ta ninka sau 64. Wayoyin su zabura, man ya girgiza, rilen ya ɗauka tartsatsi ne. Tashin famfunan mai gaba ɗaya yana iya jawo haka, haka ma girgizar ƙasa, haka ma ruwan sama da ya shiga akwatin wayoyin rilen ya haɗa bakin makunni. Don maganin wannan, wasu suna ɗaura rile uku su ce sai biyu sun yarda kafin a yanke wuta. Wasu kuma suna sa a toshe saƙonsa na ɗan lokaci idan wutar da ke ratsawa ta yi yawa sosai, tunda babbar lalura rilen 87T zai gan ta, aikin rilen matsi na musamman shi ne ƙananan.

Aibi na biyu ya fi haɗari, domin shiru ne. Rilen da ke gefen tanki yana da bawul tsakaninsa da man, don a iya cire shi ba tare da an zubar da mai ba. Idan aka rufe wannan bawul lokacin gyara aka manta, rilen zai zauna shekaru ba ya jin komai, kuma babu fitilar da za ta nuna. Haka idan ba a fitar da iskar da ta maƙale a cikinsa ba lokacin ɗaurawa. Ana gwada shi da ɗan famfon hannu da geji: a hura matsi zuwa adadin da maƙerinsa ya faɗa a sake farat ɗaya, dole ya amsa, a hura ƙasa da haka a sake, dole ya yi shiru. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Shi ma bawul ɗin murfi yana da nasa. Fenti yana iya liƙe faifansa, zoben roba yana bushewa ya riƙa yoyo. Kuma nauyin man da ke sama da shi yana cin wani kaso na saitinsa: kowace mita ta tsayin mai tana dannawa da kimanin PSI ɗaya da kwata. Idan saman man kwanzabeta yana mita 2 sama da bawul, PSI 2 da rabi sun riga sun tafi tun ba a yi komai ba. Sannan idan ba a sa masa bututun da zai kai man ƙasa cikin ramin tsakuwa ba, tafasasshen mai zai fesa kan bushin, ko kan akwatin kula, ko kan ma'aikacin da ke tsaye a gefe.

Bayan wuta ta yanke

Idan lamba 63 ta fito a allo, tambayar ita ce: tartsatsi ne na gaske ko ruɗi? Ana fara duba waɗanda suka amsa tare da shi. In rilen 87T ya amsa, ko tsinken bawul ya fito, ko gas ya taru a gilashin Buchholz, to magana ta ƙare, akwai ɓarna a ciki. In shi kaɗai ne, kuma na'urar da ke rubuta lokutan faruwar abubuwa ta nuna wani layi ya sami gajeren haɗi a daidai wannan milisakan, ana iya zargin ruɗi. Amma zargi ba hujja ba ne. Hujjar tana cikin man. A ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji a auna gas ɗin da ya narke a ciki. Asitilin ba ya samuwa sai zafi ya haura digiri 700, kuma a lafiyayyen tanki kusan babu shi. Idan ya bayyana sabo tare da haidirojin, tartsatsi ya ci. Bayan haka a auna daidaiton naɗin wayoyi da ƙarfin abin da ke raba su.

Waɗannan gwaje-gwaje suna cin sa'o'i, wani lokaci kwanaki, jama'a kuma suna cikin duhu, waya tana ta ƙara a ofis. A nan ne akan yi kuskure mafi tsada, a ce a mayar da wuta a gwada. Takardar da ta riga ta ƙone ta zama gawayi, gawayi kuma yana ɗaukar wuta, ga kumfar gas da ta rage wa man ƙarfi. Tartsatsi na biyu yakan fi na farko girma, kuma yana samun tankin da ya riga ya wahala. Taransifomar da za a iya gyarawa cikin makonni sai ta koma wadda za a jira sabuwarta wata da watanni.

Don haka idan babbar taransifomar da ke ba garinku wuta ta yanke da kanta, aka ce ana jiran sakamakon gwajin mai, wannan jiran yana cikin aikin kare ta. Ga masu kula da tashoshi kuma, bawul ɗin da ke kan murfi ba zai ceci tanki daga babban tartsatsi ba. Abin da zai cece shi shi ne rilen da aka gwada aka tabbatar bawul ɗinsa a buɗe yake, batirin da yake da caji, da burekar da za ta buɗe cikin zagaye uku.